Bil ɗin wutar shagon tela: inda N191,246.50 ta fito, da abin da ya rage bayan an tace ta

A farkon Disamban 2024 aka kai wa wani tela takardar bil ɗin wutar shagonsa, a ƙasanta an buga N191,246.50. Shagon ba babba ba ne. Kekunan ɗinki na lantarki ne guda huɗu, da injin aiki ɗaya, da dutsen guga, da fankoki biyu, sai ƙwayayen fitila. Mitarsa irin ta da ce, wadda ake zuwa a karanta a kawo bil daga baya, ba mai kati ba. Layin da yake kai yana rukunin `Band A`. A watan Agusta bil ɗinsa bai wuce dubu arba'in da biyar da 'yan kai ba, kuma tun daga lokacin babu watan da bai biya wani abu ba. Don haka da ya ga wannan adadi sai ya yanke cewa an ƙara kuɗin wuta a ɓoye, ko kuma an dawo da kuɗin nan na dole da ake sakawa a bil a shekarun baya.

Ni nake riƙe masa lissafin shago, shi ya sa takardar ta zo hannuna. Abin da na fara roƙonsa shi ne ya kawo min bil na watannin baya da rasit ɗin duk abin da ya biya, domin bil guda ɗaya ba ya iya bayyana kansa. Adadin da ke ƙasan takarda tarin abubuwa ne mabambanta: kuɗin wutar wannan wata, da harajin da ke kansa, da bashin da aka jawo daga baya. Na farko da na biyu ana iya tantance su da takardar da ke hannu da mitar da ke bango. Na ukun kuwa tarihi ne, sai an bi shi wata bayan wata.

Mun fara da farashin yunit, tunda nan zarginsa ya fi ƙarfi. Takardar ta nuna `Rate` 209.50. Wannan ba farashin da kamfanin rarraba wuta ke yanka wa kansa ba ne, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ce ke amincewa da shi. Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar bisa sa'o'in da ake sa ran samu a rana: rukunin A aƙalla sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa N225 kan yunit ɗaya, a Mayu aka sauko da shi N206.80, a Yuli ya koma N209.50. Da muka jera takardunsa huɗu, daga ta Agusta zuwa ta Nuwamba, dukkansu 209.50 ne. Ba a ƙara masa ko kwabo a farashi ba. Farashin yana da nauyi ga mai ƙaramar sana'a, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya kumbura wannan bil ɗin ba.

Sai maganar kuɗin dole. Ya ce min, "Malam, duba da kyau, ko sun dawo da ɗari bakwai da hamsin ɗin nan ne da wani suna." Tunaninsa yana da tushe. Kafin 2016 bil ɗin wuta a Najeriya yana ɗauke da layin `Fixed Charge`, kuɗin da ake biya kowane wata ko an sha wuta ko ba a sha ba, kuma gidaje da yawa N750 suka sani. An cire shi daga Fabrairun 2016, aka mayar da nauyin cikin farashin yunit. A takardarsa babu wannan layi, kuma da muka haɗa sauran layukan sun ba da jimillar daidai, babu wani ragowa da za a ce an ɓoye.

Amma ya dace mai karatu ya iya gane irin wannan kuɗi, domin bai ɓace daga duniya ba. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram yana ganin `Prime fixe` a takardar NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, a can kuma harajin `TVA` kashi 19 ne cikin ɗari. Idan ba a rubuta kuɗin dole a fili ba, ana fito da shi da bil biyu. A ce wata ɗaya an sha yunit 100 an caji 7,000 kafin haraji, wani watan an sha 150 an caji 10,000. Ƙarin yunit 50 ya jawo ƙarin 3,000, ke nan yunit ɗaya 60 ne. Yunit 100 a kan 60 ya kama 6,000, sauran 1,000 ɗin nan shi ne kuɗin dole. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan farashin yunit guda ɗaya ne. Inda aka yi shi hawa-hawa, yunit ɗin farko da araha na gaba da tsada, sai an zaɓi watanni biyu da suka faɗa hawa ɗaya kuma a cire bambancin hawan ƙasa, in ba haka ba amsar za ta karkace. Abin da ya sa na damu da kuɗin dole shi ne mai ƙaramin amfani ya fi jin sa. A wannan misali, wanda ya sha yunit 20 kacal zai biya 2,200, wato kowane yunit ya tsaya masa 110, alhali wanda ya sha 150 bai kai 67 ba.

Haraji bai ɗauke mu lokaci ba. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma ana ɗora shi ne a kan kuɗin wutar watan kaɗai. Bil ɗin Nuwamba ya ce yunit 320, a kan 209.50 ya ba da N67,040, harajinsa N5,028, jimilla N72,068. Daidai yake. Abin da nake dubawa a nan shi ne kada a lissafa harajin a kan jimillar da ta haɗa da bashin baya, domin bashin ya riga ya ɗauko harajinsa tun watan da aka caje shi. Da an yi haka da harajin ya haura dubu goma sha uku. Ba a yi ba.

To farashi daidai, haraji daidai, kuɗin dole babu. Sauran abu biyu: yawan yunit ɗin, da bashin.

A gefen yunit 320 ɗin akwai harafi ɗaya, `E`. A takardar Agusta harafin `A` ne. `A` na nufin ma'aikaci ya zo ya karanta mita da idonsa, `E` na nufin ƙiyasi aka yi. Satumba `E`, Oktoba `E`, Nuwamba `E`, kuma duk ukun yunit 320 cif. Ko ba a ga harafin ba, wannan maimaicin kaɗai ya isa alama, domin babu shagon da ke shan wuta iri ɗaya wata uku a jere, balle shagon ɗinki da aikinsa ke hawa da sauka da lokacin biki da sallah. Dalilin ƙiyasin bai ɓuya ba. Mitar tana cikin shago, bayan teburin yanka, kuma a watannin nan yakan rufe shago da rana ya tafi kasuwa sayen yadi, yaran shago su tafi cin abinci. Mai karatun mita ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, ya wuce.

Kafin mu je ga mitar ma na yi ɗan lissafin hankali da shi. Yunit ɗaya shi ne abin da kaya mai cin wat 1,000 ke sha cikin sa'a ɗaya. Dutsen gugarsa wat 1,000 ne, idan ya yi sa'a uku a rana cikin kwana 26 na aiki ya sha yunit 78, ko ƙasa da haka tunda yana yanke kansa idan ya yi zafi. Fanka biyu masu wat 75 suna juyawa sa'a goma a rana sun sha yunit 39. Kekunan ɗinki ba sa jan wuta sosai sai lokacin da aka taka su. Duk yadda muka tara, muna yawo ne a kusa da ɗari biyu, kuma karatun gaskiya na Agusta yunit 200 ya nuna. Wannan lissafi ba hujja ba ce da za a kai ofis, amma yana gaya wa mutum ko ya cancanci ya ɓata lokacinsa a kan maganar.

Hujjar tana bango. Takardar Nuwamba ta ce `Previous Reading` 15,040, `Present Reading` 15,360. Muka matsar da teburin, muka share ƙurar gilashin mitar, tana nuna 15,060. Mita ba ta komawa baya. Idan yau tana kan 15,060, ba yadda za a yi a ce a ƙarshen Nuwamba ta kai 15,360. An caje shi yunit 300 da har yanzu bai sha ba. Mun kuma tabbatar lambar mitar da ke jikinta ita ce a takarda, domin a jerin shagunan da mitoci ke kusa da juna yakan faru a karanta ta maƙwabci. Mun duba `Multiplier` ma, 1 ne, kamar yadda ya kamata ga ƙaramar mita irin tasa. Manyan wurare ne ke da mitar da ake ninka karatunta.

Yadda ƙiyasi ke taruwa shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Karatun gaskiya na ƙarshe 14,400 ne, a ƙarshen Agusta. Daga nan kowane wata kwamfutar kamfani tana ƙara 320 a kan lambar da ta gabata: 14,720, sai 15,040, sai 15,360. Lambobin sun yi kama da karatun mita, an jera su a gidan karatun mita, amma babu wanda ya gan su a jikin mita. Cikin wata uku da 'yan kwanaki abin da ya sha a gaskiya yunit 660 ne, aka caje shi 960. Rarar 300 ɗin a kan 209.50 ta kama N62,850, da harajinta N4,713.75, jimilla N67,563.75. Kuma kashi mafi yawa na wannan kuɗi ba ya cikin layin wutar Nuwamba, ya riga ya gangara cikin bashi, inda ba ya da suna sai `Net Arrears`.

Shi ya sa bin bashin ya zama babban aikin. Ƙa'idar guda ɗaya ce, kuma kowane bil sai ya bi ta:

```
Net Arrears = Previous Balance - Payments - Adjustments
Total Due = Net Arrears + Current Charges + VAT
```

Wato abin da aka buga a ƙasan takardar watan jiya shi ne zai hau saman takardar wannan wata, a cire abin da aka biya, a cire gyara idan akwai, ragowar ita ce bashi. Duk inda sarƙar ta tsinke, nan matsalar take. Ga yadda tasa ta kasance:

| Wata | Bashin baya | Wutar wata da haraji | Jimilla | Abin da ya biya |
|---|---|---|---|---|
| Agusta | 0 | 45,042.50 | 45,042.50 | 30,000 |
| Satumba | 15,042.50 | 72,068 | 87,110.50 | 40,000 |
| Oktoba | 47,110.50 | 72,068 | 119,178.50 | 50,000 |
| Nuwamba | 119,178.50 | 72,068 | 191,246.50 | |

Daga Agusta zuwa Satumba sarƙar lafiya take, haka daga Satumba zuwa Oktoba. A Nuwamba ta tsinke. Jimillar Oktoba ta hau sama yadda take, a gaban `Payments` an sa sifili, alhali ga rasit ɗin N50,000 a hannunsa. Da an cire, da bashin N69,178.50 ne.

Idan biya bai fito a bil ba, yawanci ɗayan abu biyu ne. Ko dai an biya bayan ranar da kamfani ya rufe lissafin watan, to wannan ba abin damuwa ba ne, zai fito a takarda ta gaba, kuma ana ganewa ta hanyar kwatanta ranar da ke rasit da ranar da aka buga bil. Ko kuma kuɗin ya tafi wani asusun. Rasit ɗinsa ya riga ranar buga bil da fiye da mako biyu, don haka ba latti ba ne. Muka koma lambar asusu. Takardar mai POS ta fara dusashewa, irin takardar nan ce da rubutunta ke gogewa da zafi, amma ana iya karanta ta. Lambobin ƙarshe biyu sun bambanta da na bil ɗinsa. Abin da ya faru shi ne, shagunan layin duk na mutum ɗaya ne, asusun wutar kowane shago da sunan mai shagunan yake. Yaron da aka aika ya je ba tare da takarda ba, mai POS ya buɗe littafinsa ya ɗauko lambar shagon kusa, suna ya fito daidai, yaron ya amsa. Maƙwabcinsa mai sayar da kayan waya ya ga bil ɗinsa ya yi sauƙi a watan, bai tambayi dalili ba.

A nan na tsaya na nuna masa abin da bai so ji ba. Ba duk bashin ne kuskure ba. A Agusta, da bil ɗin yake na gaskiya, ya bar N15,042.50. Daga baya ya biya N90,000 a kan wutar da kuɗinta na gaskiya ya kai N148,640.25. Al'adar nan ta "a ba su wani abu" don kada a yanke wuta ita ce ta sa bai taɓa duba takardar ba. Yana kallon ƙasanta, ya ƙiyasta abin da zai iya, ya aika. Da a Satumba ya ga `E` ya leƙa mitar, da maganar ta tsaya a yunit ɗari da 'yan kai. Idan aka cire N50,000 da N67,563.75 daga N191,246.50, abin da ya rage N73,682.75 ne. Wannan nasa ne, wuta ce da ya sha, kuma na gaya masa kada ya shiga ofis yana musun duka bil ɗin. Mai musun komai ba a saurarensa. Wanda ya ce na yarda da kaza, ina jayayya a kan kaza da kaza, ga hujjar kowanne, shi ake buɗe wa fayil.

Takardar ƙorafin da muka rubuta shafi ɗaya ce. Ta ɗauki lambar asusu da lambar mita, ta nemi abu biyu daban: a zo a karanta mita a daidaita ƙiyasin wata uku, kuma a mayar da N50,000 daga asusun da ta faɗa zuwa nasa. Muka haɗa da kwafin bil huɗu, da kwafin rasit, da hoton mitar da ke nuna karatu da lambarta a lokaci guda. Ya kai sashen kula da ƙorafin abokan hulɗa na kamfanin, aka buga masa hatimi a kwafinsa. Na nace a kan hatimin saboda a tsarin NERC kamfani yana da kwana 15 na aiki ya warware ƙorafi, idan bai yi ba sai a wuce ofishin Forum na hukumar, kuma a can abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa an fara kai wa kamfani. A jihohin da suka kafa hukumar wutar lantarki ta kansu bayan dokar 2023, ƙorafin yana iya zuwa hukumar jihar ne. Faɗa wa ma'aikacin da ke raba bil a baki ba ya shiga ko'ina, komai kirkinsa.

Ya so ya daina biya har sai an gyara. Na hana shi, domin bashin gaskiya yana nan, kuma shi kaɗai ya isa a yanke masa wuta, sannan ga kuɗin sake haɗawa. Ya biya N45,042.50, daidai da bil na ƙarshe da babu jayayya a kansa, wannan karon da takardar bil a hannu, ya kuma karanta lambar asusu a rasit kafin ya bar wurin.

Gyaran ƙiyasi shi ya fara fitowa. Ma'aikaci ya zo ya karanta mitar, a takardar da ta zo a Janairu kuma layin `Adjustments` ya nuna N67,563.75, karatun baya ya koma 15,060, harafin ya dawo `A`. Wutar Disamba ta kai yunit 240 saboda ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara, N54,051 da haraji. Ya kamata a lura cewa gyara ba ya zuwa a matsayin kuɗi a hannu, ragi ne a cikin bashi, kuma wanda bai san inda zai duba ba zai iya cewa ba a yi masa komai ba, tunda jimillar ƙasan takardar har yanzu N132,691.25 ce.

Dubu hamsin ɗin ce ta ja lokaci, kuma ban ga laifin kamfanin a wannan ba. A wajensu kuɗin ya shiga asusun da aka rubuta, da sunan da ya dace. Suka ce sai mai asusun ya rubuto da kansa cewa ya amince a cire daga wancan a sa a wannan. Telan ya je ya sami mai shagunan ya ce, "Alhaji, sa hannunka kawai ake jira." Alhaji ya ga hanyar ofis ta yi nisa, ya kira su su biyu, ya ce maƙwabcin ya biya N50,000 kai tsaye cikin asusun tela, tunda shi ya ci moriyar kuɗin. Hakan aka yi, a biya biyu, kuma a lissafi sakamakon ɗaya ne. Telan ya koma ya janye wannan ɓangare na ƙorafinsa a rubuce, don kada a zo daga baya a sake cire kuɗin daga asusun maƙwabcin.

Bayan haka abin da ya rage a kansa N82,691.25 ne: tsohon bashi N28,640.25 da wutar Disamba. Ya nemi a sa masa mita mai kati, na kuma faɗa masa tun kafin ya cike takarda cewa bashin ba ya mutuwa da sauya mita. Ana ɗora shi a sabon asusun, a riƙa cire wani kaso duk lokacin da ya sayi wuta, har ya ga yunit ɗin da yake samu bai kai kuɗin da ya bayar ba. Ya zaɓi ya gama biya kafin a sauya. Kafin mitar ta iso, an matsar da teburin yanka daga gabanta, kuma a ranar ƙarshe ta kowane wata babban yaron shagon yana ɗaukar hoton karatun ya rubuta shi a bayan littafin awo.